Sauron da Ya Daina Jin Magani: Abin da Ke Faruwa a Jikinsa da Yadda Ake Sauya Gidan Sauro

A shekarar 1954 aka fara wani gwaji a yammacin lardin Sakkwato, a ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kebbi. Ma'aikatan lafiya suka riƙa shiga ɗaki-ɗaki suna fesa maganin ƙwari a bango, domin su ga ko za a iya katse zazzaɓin cizon sauro a karkarar Afirka. Ɗaya daga cikin magungunan da suka yi amfani da su shi ne diyaldirin, wanda a lokacin ake ganin ba shi da na biyu wajen kisa. Da farko sauro ya yi ta zuba. Amma ba a cika shekara biyu ba, a 1955, aka tarar da sauron wajen Ambursa yana sauka a bangon da aka fesa, ya huta, ya tashi lafiya lau. Aka kai irinsa ɗakin bincike a Landan, aka haɗa shi aure da sauron da magani ke kashewa, aka ga cewa wannan taurin kai gado ne, yana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Wannan na daga cikin shaidu na farko da aka samu cewa Anofilis gambiye, babban mai yaɗa maleriya a Afirka, yana iya bijire wa magani.

Shekara saba'in ke nan, kuma har yau batun bai mutu ba, sai dai ya tashi daga bango ya koma kan gidan sauro. Za ka ji uwa tana cewa ta ga sauro zaune daram a jikin sabon gidan sauron da aka raba musu, ko gezau bai yi ba, sai ta yanke hukunci cewa an ba su marar magani. Sau da yawa maganin yana nan, sauron ne ya canza.

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara tun daga nan, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Mutane kan ɗauka sauro yana sabawa da magani ne sannu a hankali, kamar yadda jiki ke sabawa da zafin rana. Ba haka abin yake ba. Sauron da aka ƙyanƙyashe marar kariya, in ya taɓa isasshen magani mutuwa zai yi. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin miliyoyin sauro akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, bambancin da ba ya amfana musu komai kafin magani ya zo. Da magani ya zo, sai ya share sauran ya bar su, su kuma su cika wuri da zuriyarsu.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce cikin sauro dubu, guda ɗaya ne ke da wannan bambanci. A ce gidan sauro yana kashe 90 cikin 100 na gama-garin sauro, amma 50 kawai yake kashewa cikin 100 na masu bambancin. Ke nan a kowane zubi na haihuwa, masu bambancin suna ninka rabonsu sau biyar idan aka gwada su da sauran. Ɗaya a kan dubu ya zama biyar, biyar ta zama 25, sannan 125, sannan 625, kuma a zubi na biyar sun riga sun fi sauran yawa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana goma ne zuwa mako biyu a lokacin zafi, kuma mace takan saka ƙwai wajen ɗari a zama guda, ta sake sakawa bayan 'yan kwanaki. A zahiri abin bai kai haka sauri ba, domin ba kowane sauro ke haɗuwa da magani ba, kuma wasu nau'o'in kariyar ba sa yin ƙarfi sai sauro ya gaje su ta wajen uwa da uba duka. Amma alƙiblar ita ce wannan. A Nijar, bayan babban rabon gidajen sauro sama da miliyan biyu da aka yi a ƙarshen 2005 zuwa 2006, masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai sun bi diddigin wani nau'in kariya a jikin sauro, suka ga ya tashi daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a 2005 zuwa wajen kashi 7 a 2007.

Abin da ya sa matsalar ta yi tsanani a kan gidan sauro shi ne, shekaru da dama dangin magani guda ɗaya tak ake sa wa gidajen sauro a duniya: firetiroyid. A cikinsa akwai fametirin da deltametirin da alfa-saifametirin. An zaɓe shi da dalili. Yana kisa da sauri, ba shi da tsada, yana daɗewa a jikin zare, kuma bai da haɗari ga jaririn da zai kwana yana shafar ragar. Amma sunaye uku ko huɗu da ake gani a jikin leda ba magunguna daban-daban ba ne a wurin sauro, domin duk wuri ɗaya suke bugu a jikinsa. Kuma ba a ɗakin kwana kaɗai yake haɗuwa da su ba. Maganin da manomin auduga ko shinkafa ko tumatir ke fesawa, da yawansa wannan dangin ne, yana gangarawa cikin kududdufan da tsutsotsin sauro ke girma. Haka ma maganin sauro na igiya da na gwangwani. A yammacin Burkina Faso an daɗe da lura cewa sauron yankunan auduga ya fi na sauran wurare taurin kai.

Hanya ta farko: canza wurin da magani ke kamawa

Jijiyar sauro, kamar ta mutum, tana aika saƙo ne ta ɗan motsin lantarki. A jikin kowace jijiya akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa na ɗan ƙiftawar ido, gishirin sodiyam ya kutsa ciki, sannan su rufe. Buɗewa da rufewar nan ita ce saƙon: ɗaga fiffike, miƙa ƙafa, soka baki. Firetiroyid yana ratsa ƙafar sauro in ya sauka a raga, ya isa ga waɗannan ƙofofi, ya maƙale a wani lungu nasu, ya hana su rufuwa, kamar dutsen da aka tokare ƙyaure da shi. Sai jijiya ta yi ta harba saƙo ba tsayawa, sauro ya kama karkarwa, ya faɗi rigingine, ya mutu.

Ita wannan ƙofa an gina ta ne da jerin sinadaran amino asid wajen dubu biyu. A cikin wasu sauro, guda ɗaya tak daga cikinsu ya sauya, na gurbi na 1014, inda wani mai suna lusin ya ba da wuri ga wani mai suna fenilalanin. Masana suna rubuta wannan sauyi L1014F, kuma suna kiran irin kariyar da yake bayarwa kdr. Ƙofar tana ci gaba da aikinta, amma lungun da magani ke maƙalewa ya ɗan canza siffa, don haka maganin ba ya zama da kyau. An bayyana wannan sauyi a jikin Anofilis gambiye a 1998, daga sauron Kwaddibuwa da Burkina Faso, sannan a 2000 aka gano ɗan'uwansa, L1014S, a Kenya. Tsohon maganin nan DDT ma a wannan ƙofa yake aiki, shi ya sa sauron da ke da kdr yake tsallake su biyun, kuma shi ya sa ake ganin feshin DDT na shekarun baya ya riga ya share wa wannan sauyi hanya tun kafin gidan sauro mai magani ya zo.

A yau kdr ya cika yammacin Afirka, har a wurare da yawa da wuya ka kama sauron da ba shi da shi. Binciken da Sulaiman Ibrahim na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, a kan sauron Auyo a Jigawa da Bunkure a Kano, wuraren noman rani, ya sami wannan sauyi da yawa a jikin Anofilis koluzi, tare da bijirewa mai ƙarfi ga lamda-saihalotirin da DDT. Akwai makamancinsa a wani wurin daban, wanda ake rubutawa G119S, da ke kare sauro daga wasu dangogi biyu na maganin feshin bango, amma wannan bai shafi gidan sauro kai tsaye ba.

Gano kdr abu ne mai sauƙi. Ana niƙe ƙafar sauro guda, a ciro ƙwayoyin gadonsa, na'ura ta nuna ko yana da sauyin. Sauƙin nan ya sa aka yi shekaru ana auna shi ana ba da rahoto, kamar shi ne dukan labarin. A ganina wannan ya jinkirta fahimtar inda babban haɗarin yake.

Hanya ta biyu: narkar da maganin kafin ya isa

A 1996 Afirka ta Kudu ta daina fesa DDT a bangon gidaje, ta koma deltametirin. Cikin shekara huɗu maleriya ta yi tashin gwauron zabi, har masu kamuwa suka haura dubu sittin a shekarar 2000, mafi yawansu a lardin KwaZulu-Natal. Da aka bincika, sai aka tarar Anofilis funestus, wanda DDT ya kora tun shekaru da dama, ya dawo daga kudancin Mozambik yana zaune a ɗakunan da aka fesa. Aka duba ƙofofin jijiyarsa, babu kdr. Maganin da zai kama shi sarai in ya isa wurin, amma ba ya isa. Sai da aka dawo da DDT, tare da sauya maganin jinya, sannan annobar ta lafa.

Abin da wannan sauro yake da shi inzayim ne. Inzayim sinadari ne da jiki ke ƙerawa don ya sarrafa wasu sinadarai. Akwai wani babban dangi nasu da ake kira P450, wanda mu ma muna da irinsa a hanta, shi ne ke narkar da yawancin magungunan da muke sha har su fita ta fitsari. Sauro yana da ƙwayoyin gado sama da ɗari na wannan dangi, waɗanda ya daɗe yana amfani da su wajen sarrafa gubar tsirrai da dattin ruwan da tsutsarsa ke rayuwa a ciki. Kaɗan daga cikinsu suna iya kama firetiroyid su liƙa masa iskar oksijin, su mai da shi abu marar guba mai narkewa a ruwa. A jikin gambiye da koluzi, fitattu su ne CYP6P3 da CYP6M2. A jikin funestus kuwa CYP6P9a da CYP6P9b. Kowane sauro yana da su. Bambancin mai bijirewa shi ne yana ƙera su ninki-ba-ninki, ko don ƙwayar gadon ta maimaita kanta sau biyu ko uku, ko don abin da ke kunna ta ya canza ya bar ta a kunne kullum. Maganin da ya shigo ta ƙafa, kafin ya kai jijiya an cinye mafi yawansa.

Wannan hanya ta fi ta farko tayar da hankali saboda dalili biyu. Na ɗaya, ba ta da iyaka bayyananniya: sauro na iya ƙara yawan inzayim shekara bayan shekara. A kwarin Ku da ke kusa da Bobo-Diyulaso, wurin noman shinkafa, an auna a farkon shekarun 2010 cewa ƙarfin bijirewar ya ninku sau goma cikin shekara guda, alhali yawan kdr bai canza sosai ba. Na biyu, inzayim ba ya tambayar dangin magani. Wanda ya iya narkar da firetiroyid yakan iya taɓa wani maganin da bai da alaƙa da shi, har ma wanda ba a taɓa kawowa garin ba. A Tiyasale ta Kwaddibuwa, a 2012, an ba da rahoton sauron da ya bijire wa dukan dangogi huɗu na maganin da ake da su a lokacin. Kuma sauron yammacin Afirka yawanci hanyoyin biyu yake haɗawa: inzayim ya rage abin da ke isa jijiya, kdr ya sa ɗan abin da ya isa bai kama ba. Wasu ma an same su da fatar ƙafa mai kauri da ke jinkirta shigar maganin.

Yadda ake ganewa

Ba a gane bijirewa da ido a ɗaki. Akwai gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, kuma shi ake yi a Kano da Yamai da Kumasi iri ɗaya. Ma'aikata kan fita da ludayi da bokiti zuwa gonakin shinkafa, ramukan bulo da sawun shanu, su ɗebo tsutsotsin sauro, su rene su a faranti har su fashe. Ana zaɓar mata masu kwana uku zuwa biyar waɗanda ba su taɓa shan jini ba. Da wani bututun tsotsa ake ɗaukar su, 25 a kowane bututun roba mai girman kofin shayi dogo. Bututu huɗu an naɗe cikinsu da takarda mai magani daidai gwargwado, misali deltametirin kashi 0.05 cikin 100, ko fametirin kashi 0.75. Wasu biyu kuma takardarsu mai kawai ne a jiki, ba magani, don a tabbatar ba wahalar kamu ce ke kashe sauron ba. Suna yin awa ɗaya a ciki, sannan a hura su zuwa bututu mai tsabta, a ɗora musu auduga jiƙe da ruwan sukari, a bar su a wuri mai sanyi da danshi. Bayan awa 24 ake ƙirga gawa. In 98 ko fiye suka mutu cikin 100, maganin yana aiki. In ƙasa da 90 ne, bijirewa ta tabbata. Tsakanin nan kuwa sai an sake gwaji. In kuma fiye da kashi 20 na sauron bututun da ba magani suka mutu, an zubar da sakamakon gaba ɗaya.

Wannan ya nuna akwai bijirewa, amma bai faɗi wace iri ba ce, kuma a kan wannan tambaya ce sayen gidan sauro na miliyoyin daloli ya dogara. Nan ne wani sinadari mai suna PBO yake shigowa. Shi ba ya kashe sauro. Aikinsa shi ne ya shiga ya toshe inzayim ɗin P450 na ɗan lokaci. Sai a raba sauron gari guda kashi biyu. Kashi na farko a sa su a takardar deltametirin kai tsaye. Kashi na biyu a fara sa su awa ɗaya a takardar PBO mai kashi 4 cikin 100, sannan a mai da su kan deltametirin. A ce, a misali, kashi na farko 30 suka mutu cikin 100, na biyu kuma 98. Ma'anarsa inzayim ne ke ɗauke da kusan dukan kariyar, tunda da aka toshe shi maganin ya dawo da kaifinsa. In kuma daga 30 ya tashi zuwa 60 ya tsaya, inzayim yana da hannu amma akwai wani abin tare da shi, ko kdr ko kaurin fata ko wani inzayim da PBO ba ya taɓawa. In bai motsa daga 30 ba, kashe kuɗi a kan gidan sauro mai PBO a wannan gari asara ce. Ana kuma maimaita gwajin da takarda mai ninki biyar da mai ninki goma na maganin, domin garuruwa biyu na iya nuna mutuwar kashi 30 a gwajin farko, alhali a ɗayan ninki biyar ya gama da sauron, a ɗayan kuwa ko ninki goma bai isa ba.

Bututu dai ba ɗakin kwana ba ne. Don haka ake gina ƙananan ɗakunan gwaji a bakin fadama, masu tagogin da sauro ke iya shiga amma ba ya iya fita, da 'yar kwata mai ruwa kewaye da ginin don kada tururuwa su kwashe gawarwakin kafin a ƙirga. Mutum yakan kwana a ciki ƙarƙashin gidan sauron da aka huda da gangan, kamar wanda ya tsufa a gida. Da asuba a tattara kowane sauro, a ware matacce da mai rai, wanda ya sha jini da wanda bai sha ba. An yi irin wannan gwaji a Jamhuriyar Benin aka wallafa a 2007, a wurare biyu. A Malanbil, can arewa, tsallaken kogi daga Gaya, inda sauro ke jin magani a lokacin, gidan sauron ya kashe kashi 98 cikin 100 kuma kusan babu wanda ya sha jini. A Laji, gefen Kwatano, irin wannan gidan sauron kashi 30 kawai ya kashe, kuma sauron ya bi ta hudojin ya sha jini kamar ba magani.

To in haka ne, me ya sa har yanzu ake cewa a kwana a gidan sauro? Domin raga mai lafiya shinge ce ko da magani ko babu. Kuma sauro mai bijirewa ba ya fita ba tabo: ƙarfinsa yana raguwa in ya tsufa, kuma taɓa magani dare bayan dare yana rage masa kwana. Wannan yana da muhimmanci, domin ƙwayar cutar maleriya tana bukatar kwana goma zuwa sha huɗu a cikin sauro kafin ta isa yawunsa, ke nan tsohuwar sauro ce kaɗai ke yaɗa cuta. Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Benin, Kamaru, Kenya, Sudan da Indiya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna yaran da ke kwana a gidan sauro sun fi samun kariya ko a inda bijirewa take. Abin da ake rasawa shi ne kisan da ke rage yawan sauron gari baki ɗaya, wanda ke kare har maƙwabcin da ba shi da raga, da kuma kariyar da magani ke bayarwa bayan raga ta yage.

Sababbin gidajen sauro

Martani na farko shi ne a ɗauki dabarar ɗakin gwaji a saka ta cikin zaren raga, wato firetiroyid haɗe da PBO. An gwada shi a gundumar Muleba ta Tanzaniya, inda aka raba ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a. Bayan wata tara, kashi 29 cikin 100 na yaran ƙauyukan masu PBO ne ke ɗauke da ƙwayar maleriya, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 42. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa raba irinsa inda gwaji ya nuna inzayim ne matsalar. Rauninsa shi ne PBO yana barin raga da wuri fiye da firetiroyid, ta wanki da zafi, don haka ragar da aka tsara ta yi shekara uku takan koma kamar ta gama-gari kafin lokacin. Sannan ba a so a haɗa ta da feshin bango na firimifos-metil a gida ɗaya, domin shi wannan maganin sai inzayim ɗin sauro ya sarrafa shi kafin ya zama guba, PBO kuwa yana toshe inzayim ɗin.

Wannan batu na maganin da sai an sarrafa shi a cikin sauro shi ne sirrin martani na biyu, kuma shi ya fi burge ni a dukan labarin. Kulofenafir ba ya taɓa ƙofar jijiya ko kaɗan, don haka kdr bai da tasiri a kansa. Kuma a yadda yake a jikin raga, bai da guba sosai. Sai ya shiga jikin sauro, inzayim ɗin P450 ya kama shi ya yanke masa wani ɓangare kamar yadda ya saba yi wa firetiroyid, amma abin da ya rage shi ne ainihin gubar. Ita kuma tana zuwa wuraren da ƙwayoyin jiki ke mai da abinci ƙarfi, ta lalata aikinsu, sauro ya ƙare a hankali. Ke nan yawan inzayim, wanda ya ceci sauro daga tsohon magani, ba ya cetonsa a nan, wani lokaci ma yana gaggauta ajalinsa. Ragar da ake kira Interceptor G2 tana ɗauke da kulofenafir da alfa-saifametirin. A gwajin gundumar Misungwi ta Tanzaniya, bayan shekara biyu, kusan kashi 26 cikin 100 na yara ne ke da ƙwayar cutar a ƙauyukanta, a na tsohuwar raga kuwa kusan kashi 46. Gwajin kudancin Benin ya nuna kamuwar yara ta ragu da kusan rabi. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi cewa a fifita irin wannan raga a kan ta firetiroyid zalla a duk inda bijirewa ta tabbata. Akwai raga ta uku mai firifiroksifen, wanda ke hana macen sauro saka ƙwai masu ƙyanƙyashewa, amma sakamakonta bai kai na kulofenafir ba, kuma inzayim ɗin da ke cin firetiroyid yana iya cin wannan ma.

Akwai abin da ya kamata masu raba raga su riƙa faɗa wa jama'a a bakin rumfar rabo. Kulofenafir ba ya kayar da sauro nan take. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa a gwajinsa sai bayan awa 72 ake ƙirga gawa. Uwar da ta ga sauro ya sauka a sabuwar ragarta ya tashi ba ta yi kuskuren gani ba, amma mai yiwuwa wannan sauro ba zai kai jibi ba. In ba a yi mata wannan bayani ba, tana iya naɗe ragar ta koma wa fiya-fiya, wanda haɗarinsa ga yara a rufaffen ɗaki ba ƙarami ba ne.

Ga hukumomin yaƙi da maleriya, aikin ya koma na zaɓi jiha-jiha. Ana rabon gama-gari kusan duk shekara uku, ana lissafin raga ɗaya ga kowane mutum biyu, kuma dole a ba da odar kaya watanni da yawa kafin rabo. Sabuwar raga ta fi tsohuwa tsada, ko da yake farashinta ya sauko bayan da Unitaid da Asusun Duniya suka tallafa aka raba miliyan 56 a ƙasashe 17 tsakanin 2019 da 2022. Idan kuɗi bai ƙaru ba, kowace raga mai tsada tana nufin wani gida zai rasa. A ƙasa kamar Najeriya, wadda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, wannan lissafi ba na wasa ba ne, kuma ba za a yi shi daidai ba sai da sakamakon bututu na kwanan nan daga yankin da za a kai ragar, ba na wata jiha mai nisa ba. Gwaje-gwajen Tanzaniya da Benin sun kuma nuna fa'idar sababbin ragunan tana raguwa a shekara ta uku, yayin da suke yagewa mutane suna daina kwana a ciki, abin da ya sa ake muhawarar rage tazarar rabo.

Damuwata ita ce yadda kowa ke ruguwa zuwa ga kulofenafir. Tunda firetiroyid ɗin da ke tare da shi a raga ya riga ya dushe a wurare da yawa, kusan shi kaɗai ke yin kisan, kuma ana baza shi a gadaje miliyoyi a lokaci guda. Manoma ma suna amfani da shi a wasu ƙasashe. An riga an sami rahotannin raguwar tasirinsa a gwajin kwalba a wasu yankunan noma na Kamaru da Gana da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A ƙa'ida ya kamata a riƙa juya dangin magani daga rabo zuwa rabo, amma a kan raga abin da za a juya zuwa gare shi bai wuce PBO ba a yanzu, kuma sabon dangin magani yakan ɗauki shekara goma ko fiye daga ɗakin bincike zuwa ɗakin kwana. Abin da ke hannun kowace jiha kafin nan shi ne ta riƙa ɗebo tsutsotsi daga wurare iri ɗaya kowace damina, tana gwada su da kulofenafir tun kafin ragar ta iso da kuma bayan ta iso, ta yadda in adadin mutuwa ya sauko daga 100 zuwa 95 za a gan shi a shekarar da ya sauko, a sauya odar rabo mai zuwa.